Babi Na Biyar: Awon Gyara Da Awon Ƙarshe A Filin Wasa

A ƙarshen kowane zangon karatu, takardar sakamakon yaro takan koma gida ɗauke da lamba a gaban darasin motsa jiki da kiwon lafiya. A ce an rubuta 14 cikin 20 a layin CA, an rubuta 48 a layin jarrabawa. Uba zai duba ya ce madalla. Amma da za a tsayar da malamin da ya rubuta 14 ɗin a tambaye shi abin da yaron nan ya iya yi da jikinsa wanda bai iya ba a farkon zango, sau da yawa sai ya yi shiru. A makarantu da dama makin ya fito ne daga tes biyu na kan takarda, inda aka tambayi tsawon filin ƙwallon raga da sunan wanda ya ƙirƙiro wasan. Yaron ya rubuta mita 18, ya rubuta William Morgan da shekarar 1895, ya ci. Ƙwallon kuwa bai taɓa tsallakar da ita raga ba, kuma babu wanda ya lura.

Ɗalibin kwalejin ilimi da ke shirin fita koyarwar gwaji yana da buƙatar rarrabe awo iri biyu kafin ya taka fili. Na farko shi ne awon gyara, wanda malami ke yi ana tsakiyar koyo domin ya gano inda yaro ya tsaya, ya sauya abin da za a yi nan gaba. Na biyu shi ne awon ƙarshe, wanda ake yi bayan an gama koyar da wani sashe domin a yanke hukunci a kan abin da yaro ya iya, a kai rahoto ga iyaye da makaranta. Michael Scriven ne ya fara raba su a 1967, yana magana a kan yadda ake tantance manhaja. A 1971 Benjamin Bloom da abokan aikinsa biyu, Hastings da Madaus, suka fitar da babban littafi da ya kawo rabon cikin aji, kan koyon ɗalibi kansa. Akwai kwatancen da ake dangantawa da masanin nan Robert Stake wanda duk mai shiga madafi zai gane: ɗanɗanon da mai girki ke yi miya tana kan wuta awon gyara ne, domin tana iya ƙara gishiri, ɗanɗanon baƙo bayan an zuba a kwano kuwa awon ƙarshe ne.

Inda sababbin malamai suka fi ruɗewa shi ne zaton cewa lokaci ne ya raba su, wato duk abin da aka yi a tsakiyar zango gyara ne, na ƙarshen zango kuma hukunci. Manufar ilimi ta ƙasa ta Nijeriya, wadda ta fito a 1977, ta shigo da awo na kai a kai ne don kada jarrabawa guda ta yanke wa yaro hukunci. A aikace sai abin ya zama ƙananan jarrabawowi biyu ko uku da ake haɗawa su ba da maki 30 ko 40 cikin ɗari. Tes ɗin mako na huɗu da aka yi, aka ɗauki maki, aka rufe littafi, aka wuce darasi na gaba kamar yadda aka tsara tun farko, awon ƙarshe ne da ya zo da wuri. Abin da ke mai da awo na gyara shi ne a yi amfani da abin da aka gano a canza wani abu, ko a wajen malami ko a wajen yaro, tun da sauran lokaci. Wannan ne abin da Paul Black da Dylan Wiliam na Kwalejin King's da ke Landan suka jaddada a 1998, bayan sun bi ɗaruruwan bincike sun ga cewa irin wannan awo yana ɗaga koyo, kuma yaran da ke baya su suka fi cin moriyarsa.

Hanya mafi sauƙi ta ganin bambancin ita ce a ɗauki fasaha guda a bi ta daga farko zuwa ƙarshe.

Sabis ta ƙasa, aji mai yara sittin

A ɗauka wata ɗalibar malanta ce aka tura ƙaramar sakandare, aka ba ta aji ɗaya mai yara 60, maza da mata. Manhajar zangon ta ce ƙwallon raga. Darasi minti 40 ne, ƙwallo biyar ce a ma'aji, raga ɗaya, kuma tana da mako shida. Ta zaɓi sabis ta ƙasa, wato bugun da ake fara wasa da shi ana kaɗo hannu daga ƙasa, domin shi ne mafi sauƙi ga mai koyo, kuma in babu shi wasa ba ya tashi. Duk alƙaluman da za su biyo baya na misali ne, an sa su don a ga yadda aikin yake tafiya.

Abu na farko da ke gabanta lissafin lokaci ne. Fitowa fili da ɗumama jiki za su ci minti 10, nuni minti 5, tattara kaya da komawa aji minti 5. Saura 20. In ta jera yara a layi ɗaya kowa ya buga tana kallo da biro a hannu, kuma kowane bugu da ɗauko ƙwallo ya ci daƙiƙa 20, bugu 60 za a yi a darasin gaba ɗaya. Kowane yaro bugu ɗaya ke nan, sauran mintuna goma sha tara yana tsaye a rana yana tsokanar na gabansa. Wannan tsari shi ne wanda ɗaliban malanta suka fi faɗawa, saboda yana kama da aiki mai tsari in mai duba su ya iso. Amma ba a koyon sabis da bugu ɗaya, kuma bugu ɗaya ba ya gaya wa malama komai game da yaro.

Sai ta miƙa doguwar igiya a tsayin mita biyu, ta raba ajin gida biyar, kowane gida yara 12 da ƙwallo ɗaya, shida a wannan gefe, shida a wancan. Wanda ƙwallo ta faɗo wa gefensa shi zai mayar da ita da sabis. Da wannan kaɗai bugu ya tashi daga 60 zuwa 300, kowane yaro ya samu biyar. Matsalar da ta rage ita ce ido: malama ɗaya ba ta iya kallon wuri biyar a lokaci guda.

A nan ne salon da Muska Mosston ya bayyana a littafinsa na 1966 kan koyar da motsa jiki yake da amfani. Ana haɗa yara biyu biyu, ɗaya yana yi, ɗaya yana dubawa da kati a hannu, bayan an zaga sai su yi musanya. Katin yana ɗauke da abubuwa kaɗan da ido ke iya gani, kuma a sabis ta ƙasa huɗu sun isa. Ga mai amfani da hannun dama, ƙafar hagu ce a gaba, gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Ƙwallo tana kan tafin hagu daidai kugu, an kawo ta gaban cinyar dama inda hannun bugu zai same ta. Hannun dama yana tafiya baya ya dawo gaba a miƙe, nauyin jiki yana barin ƙafar baya ya koma ta gaba. Sannan a bugi ƙwallo da gindin tafin hannu ƙasa kaɗan da tsakiyarta, hannu ya ci gaba ya nuna inda ake son ta sauka. Mai dubawa zai sa alamar daidai ko ya bar gurbi a gaban kowane ɗaya.

Akwai ƙa'ida guda a wannan salo da sababbin malamai ke karyawa ba su sani ba. In malama ta zo wucewa ta ga kuskure, da mai dubawa za ta yi magana, ba da mai bugu ba.

"Me ka gani a hannunsa?"

"Malama, yana lanƙwasa gwiwar hannu kafin ya buga."

"Ka gaya masa?"

"A'a, Malama."

"To gaya masa, ka sake dubawa."

Da ta gyara wa mai bugun da kanta, mai kati zai gane cewa katin nasa ado ne, ya daina kallo. Da ta bi ta kansa kuwa, yara talatin sun zama idanunta, kuma wanda ya kalli kuskuren abokinsa sau biyar yakan lura da nasa in juyinsa ya zo.

Abin da ƙwallo ke faɗa, da abin da ba ta faɗa

A filin wasa yaro yana ganin sakamakon bugunsa da idonsa. Ƙwallo ta faɗa raga, ya gani, ajin ma ya gani. Malamin da ya ce masa "ba ta tsallaka ba" bai ƙara masa komai ba. Abin da yaron ba ya gani shi ne jikinsa, kuma nan ne aikin malami yake. Saboda haka dole ɗalibin malanta ya koyi karanta tafiyar ƙwallo ya koma baya ya gano dalili. In ta tashi sama tsaye ta faɗo kusa da mai bugu, yawanci an riƙe ta sama da kugu, ko gwiwar hannu ta lanƙwashe har bugun ya shiga ƙarƙashinta sosai. In ta tafi ƙasa ƙasa ta daki raga, ko dai an buge ta a baya maimakon ƙasa da tsakiya, ko yaro ya tsaya ƙiƙam bai tura nauyinsa gaba ba. In ta karkace hagu, hannu ne ya ratsa gaban jiki, kuma sau da yawa asalin laifin na ɗaya hannun ne da ya riƙe ƙwallo can gefen hagu, har na dama ya bi ta can. Akwai kuma masu cilla ƙwallo sama kafin bugu. Dokar wasa ta ce a sake ta ko a cilla ta kafin a buga, amma sakin ɗan kaɗan ya wadatar, mai cillawa da nisa kuwa ya ɗora wa kansa aikin bugun abin da ke motsi.

Gyara ɗaya ake ba yaro a lokaci guda. Mai koyon sabon motsi hankalinsa a cike yake da tunanin inda ƙafa take da inda hannu yake, in aka jero masa kurakurai huɗu babu wanda zai riƙe. Malama za ta zaɓi wanda sauran suka rataya a kansa. Yaron da ƙwallonsa ke karkacewa, a gyara masa riƙo tukuna, galibi hannun bugu zai daidaita da kansa.

Da aka tashi darasin mako na biyu, sai ta tattara katunan ta zauna ta ƙirga. A ce 52 cikin 60 sun sa ƙafar da ta dace, 41 sun riƙe ƙwallo daidai, 30 sun buga da inda ya kamata, amma 23 kacal ne ke miƙe hannu su tura nauyi gaba. Tsarin darasinta na mako na uku ya ce a wuce zuwa tarbar ƙwallo da hannu biyu. A nan ne za a san ko awon da ta yi na gyara ne. In ta ajiye katunan a jaka ta bi tsarin yadda yake, ta ɓata takarda. In kuwa ta ce yara 37 ba su kama abu na uku ba, wannan ba laifin yara ɗaiɗai ba ne, nunin da ta yi ne bai fito da shi ba, to za ta sake darasin. Za ta fara da kaɗa hannu babu ƙwallo, kowa yana taka ƙafar gaba yana jin nauyinsa ya koma kanta. Za ta matso da masu rauni zuwa mita biyar daga igiya, domin yaron da ke tsaye a mita tara yana jin ba zai kai ba yakan watsar da duk abin da aka koya masa ya maka wa ƙwallo duka da ƙarfin tsiya. Wanda ya tsallakar da huɗu cikin biyar ya ja baya taku biyu. Su kuwa yara takwas da ke sa ƙafar da ba ita ba, ba sa buƙatar a tsayar da aji saboda su, minti biyu a gefe ya ishe su.

Katin yara ba ya rasa kuskure. Aboki yakan cika wa aboki alamar daidai, wani kuma bai gane abin da ake nema ba. Hanyar ganewa ita ce malama ta zaɓi yara takwas ko goma a kowane darasi ta duba su da kanta ta kwatanta da abin da masu kati suka rubuta. In gida guda ya nuna kowa ya cika huɗu alhali ƙwallayensu na faɗawa igiya, masu dubawa ne ke buƙatar a sake nuna musu. Babban abin da ke kare gaskiyar katin shi ne a gaya wa yara tun ranar farko cewa ba ya shiga maki, kuma a cika alkawari. Ranar da suka ji cewa alamomin nan za su koma CA, ranar gurbi zai ɓace daga katunan, malama kuma ta makance.

Akwai binciken da ya kamata kowane ɗalibin malanta ya sani a kan haka. A 1988 Ruth Butler ta raba 'yan firamare a Isra'ila kashi uku: wasu aka mayar musu da aikinsu da maki kawai, wasu da sharhi kawai, wasu da maki da sharhi tare. Masu sharhi kawai su ne aikinsu ya inganta. Waɗanda aka haɗa wa biyun ba su fi masu maki kawai ba, kamar dai lambar ta haɗiye sharhin. Aikin aji ne aka gwada, ba na fili ba, amma duk wanda ya taɓa ce wa yaro "biyu cikin biyar, ka riƙa miƙe hannu" ya ga yadda yaron ke juyawa ya tambayi abokinsa nawa ya samu.

Ranar hukunci

Mako na shida ya zo, makaranta tana son maki 20 na aikin fili. Yanzu dokokin sun juya. A makonnin baya an matso da wani an ja da wani baya, an yi wa kowa magana a kunne. A awon ƙarshe kowa a layi ɗaya zai tsaya, raga ɗaya, ƙwallo iri ɗaya, adadin bugu ɗaya, kuma malama ba ta gyara wa kowa tsakanin bugu da bugu. Ragar manya mita 2.43 ce ga maza, 2.24 ga mata, kuma babu laifi a sauke ta ga 'yan aji ɗaya ko a matso da layin sabis, muddin an sanar tun da wuri kuma an yi wa kowa haka. Maki kuma malama ce ke bayarwa da idonta, yara sai dai su ɗauko ƙwallo.

Lissafin lokaci ya sake dawowa. Bugu goma ga kowane yaro ya fi, amma a aji mai 60 ba zai yiwu ba. Da ƙwallo biyu da masu ɗaukowa a shirye, bugu zai ci kamar daƙiƙa 10. Bugu biyar sau yara 60 daƙiƙa 3,000 ne, wato minti 50, darasi biyu ke nan. Waɗanda juyinsu bai zo ba suna can gefe suna wasa a igiya.

Ga yadda za ta iya raba makin. Goma na sakamako: bugun da ya tsallaka ya sauka cikin fili maki 2, wanda ya tsallaka ya fita waje 1, wanda bai tsallaka ba babu. Takwas na yadda aka yi, a kan abubuwa huɗun nan na kati da yara suka riga suka sani: wanda ake gani a kusan kowane bugu 2, wanda ake gani jefi jefi 1, wanda ba a gani ba babu. Biyun da suka rage na bin doka ne, jiran usur da rashin taka layi lokacin bugu.

Amfanin wannan rabo yana fitowa in aka sa yara biyu gefe da gefe. Ga wani ƙaton yaro da ya riga sa'o'insa girma. Duka biyar ɗinsa sun tsallaka, huɗu a ciki, ɗaya a waje, maki 9. Amma ƙafar dama yake sawa gaba, babu maki a nan, sauran ukun kuma wani lokaci daidai wani lokaci akasi, maki 3. Ya taka layi sau biyu, ya samu 1. Jimla 13. Ga kuma wata 'yar ƙaramar yarinya, uku sun shiga, biyu sun daki saman raga, maki 6. Tsayuwa, riƙo da kaɗa hannu duk daidai, wurin bugu ne ke kuɓuce mata wani lokaci, maki 7. Doka 2. Jimla 15. Da sakamako kawai aka ƙirga, yaron zai tashi da 18 cikin 20, yarinyar da 12, kuma abin da aka auna shi ne ƙarfin damtse da shekarun balaga, waɗanda ba malama ce ta koyar ba. A ajin ƙaramar sakandare, inda ɗan shekara goma sha ɗaya ke zaune benci ɗaya da ɗan goma sha biyar, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne. Shi ma yaron an yi masa adalci da 13, domin ƙafar nan da yake sawa za ta hana shi sabis ta sama a shekara mai zuwa.

Bugu biyar yana da iyaka, kuma ya kamata malama ta san girmanta. A ɗauki yaron da a haƙiƙa yake shigar da shida cikin kowane goma. Lissafin yiwuwa ya nuna cewa in aka ba shi biyar, kusan sau ɗaya cikin uku zai shigar da biyu ko ƙasa da haka, ba don ya manta komai ba. Ƙara da iskar hunturu da ke kwasar ƙwallo, da idon aji da ke kansa. Wannan ne dalilin da bai kamata makin sakamako ya rinjayi komai ba, domin yadda yaro ke tsayawa da kaɗa hannu ya fi tsayawa wuri ɗaya daga bugu zuwa bugu. Inda maki ya saɓa ƙwarai da abin da malama ta riƙa gani da idonta a makonnin baya, sai ta ba da wata rana a sake, kuma ƙofar ta kasance a buɗe ga duk wanda ya nema. Lokacin gwajin ma abin dubawa ne. Rabin aji da aka gwada da sanyin safiya da rabin da aka gwada da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu, ko cikin azumi, ba gwaji ɗaya aka yi musu ba.

Ɗaliban malanta da ke makaranta ɗaya suna da wata dama da malamin da ke shi kaɗai ba shi da ita. Biyu su tsaya nesa da juna su ba yara goma na farko maki kowa a takardarsa, sannan su kwatanta. In suna bambanta da maki ɗaya, ma'aunin yana aiki. In wannan ya ba da 7 wancan ya ba da 3, ba su yarda a kan ma'anar "hannu a miƙe" ba, kuma gara su daidaita kafin su ci gaba da sauran hamsin.

Tambayar da ke tasowa kullum ita ce ta yaron da ya fara daga babu. A mako na ɗaya ko taɓa ƙwallo ba ya yi, a na shida ya shigar da biyu da tsayuwa mai kyau, ya tashi da 11. Zuciya tana son a ƙara masa. Sai dai ba da maki a kan ci gaba yana da illa biyu: yara suna saurin gane cewa ɓata gwajin farko da gangan riba ce, kuma wanda ya fara da huɗu cikin biyar ba shi da wurin hawa. Makin ya faɗi inda yaro ya kai, tafiyar da ya yi kuma a rubuta ta da kalmomi a gurbin sharhin malami, inda uba zai karanta cewa ɗansa ya tashi daga sifili zuwa biyu kuma abin da ya rage masa tura nauyi gaba ne. Haka nan makin zuwa da kayan wasanni. Yarinyar da iyayenta ba su saya mata kambas ba ba ta kasa sabis ba, kuma in aka zuba makin sutura da na halarta cikin ashirin ɗin nan, babu mai iya karanta lambar ya san abin da take nufi. In makaranta tana son a auna ɗabi'a da haɗin kai, takardar sakamako tana da nata sashe na wannan.

Daidaita sharaɗi ga kowa bai hana a yi wa mai lalura tanadi ba. Yaron da shan inna ta taɓa wa ƙafa yana iya sabis a zaune, kuma wasan ƙwallon raga na zaune sananne ne, filinsa mita 10 da 6, ragarsa mita 1.15 ga maza, 1.05 ga mata. Za a sauke masa igiya, a cire batun ƙafa daga ma'auni a sa daidaiton zama a gurbinsa, sauran ukun su tsaya yadda suke, a kuma rubuta a littafin maki cewa da wannan tsari aka gwada shi.

Takardar mako na shida ba ta gama aiki da an kwafe jimla an kai ofis. Layukan da ke cikinta suna nan: ƙafa, riƙo, hannu, wurin bugu, doka. Malama za ta haɗa kowane layi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda ta yi wa katunan mako na biyu. A ce masu miƙe hannu su tura nauyi sun tashi daga 23 zuwa 44, darasin da ta sake ya yi aiki, kodayake za ta tuna cewa na farko idon yara ne ya ƙirga, na biyu nata. A ce kuma yara 19 sun taka layi, to ta san ta koyar da bugu ta bar doka a baya, domin a igiya babu layin da aka ja. Koyarwar gwaji takan ƙare kafin zango na gaba, saboda haka kwafin takardar da waɗannan jimloli biyar, da sunayen yara 16 da har yanzu ke tsayawa ƙiƙam, za ta miƙa wa malamin ajin na dindindin, wanda zai fara sabis ta sama da su.